Idan ƙuri'a ta yi kunnen doki: yadda magatakarda zai rubuta raba gardamar shugaba

Yawancin shawarwarin ƙungiyoyinmu a nan Damagaram da "an yarda?" "an yarda" suke ƙarewa, har magatakarda ya shekara yana rubuta rahoton zama bai taɓa ƙidaya hannu ba. Ranar da aka ƙidaya aka samu huɗu nan, huɗu can, a ranar ne ake gane ko ya san aikinsa. Abin da aka saba gani a rahoto shi ne jimla ɗaya: "An yi kunnen doki, shugaba ya yanke hukunci." Wannan jimlar ba ta tsare kowa. Ba ta faɗi mutum nawa suka kaɗa ƙuri'a ba, ba ta nuna ɓangaren da shugaba yake ba, kuma ba ta ambaci dokar da ta ba shi ikon raba gardama ba. Duk wanda shawarar ba ta yi wa daɗi ba zai iya tashi bayan wata biyu ya ce shugaba ya yi ƙarfa-ƙarfa, kuma babu abin da za a nuna masa a takarda.

Ikon raba gardama ba ya zuwa tare da kujera. Ayar doka ce take ba da shi, ita ce kuma take faɗin iyakarsa. Saboda haka aikin magatakarda yana farawa tun kafin a shimfiɗa tabarmar taro.

Nemo ayar tun kana gida

Ƙungiyar da aka yi wa rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi mai lamba 84-06 ta ranar 1 ga Maris 1984 tana da tsarin mulkinta a rubuce, galibi kuma da dokar cikin gida a gefensa. A cikin waɗannan biyun za ka duba, ka fara da tsarin mulki domin shi ne babba. Idan dokar cikin gida ta faɗi abin da ya saɓa masa, tsarin mulki ake bi. Ka tabbatar kwafin da ke hannunka shi ne wanda babban taro ya amince da shi na ƙarshe. Sau da yawa akan yi wa tsarin mulki gyara, lambobin ayoyi su goce, aya ta 15 ta koma ta 17, magatakarda kuma yana nan da tsohon kwafi a jaka.

Kamfanin hannun jari mai majalisar gudanarwa lamarinsa daban ne, domin dokar bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka a kan kamfanonin kasuwanci, da ake kira dokar OHADA, wadda aka sabunta a Wagadugu ranar 30 ga Janairu 2014 kuma take aiki a Nijar, ta riga ta yi magana. Ayarta ta 454 ta ce idan ƙuri'un majalisar gudanarwa suka rabu daidai, ƙuri'ar shugaban zama ce take rinjaye, sai fa idan tsarin mulkin kamfanin ya faɗi akasin haka. Wannan aya ta irin waɗannan kamfanoni ce. Ƙungiyar unguwa ko ta ƴan kasuwa ba za ta aro ta ta liƙa a rahotonta ba, dole ta nemi tata.

Idan ka samu ayar, karanta ta a hankali kana tambayar kanka abu uku. Wane zama take nufi, na kwamitin zartarwa ko na babban taron membobi? Akwai tsarin mulki da yawa da suka ba shugaba raba gardama a kwamiti kaɗai, suka yi shiru a kan babban taro. Wa take kira shugaba, shugaban ƙungiya ko duk wanda yake jagorantar zaman a ranar? Wannan yana da amfani ranar da Alhaji ya yi tafiya Kano mataimakinsa ya hau kujera: idan ayar ta ce "shugaban zama", mataimaki yana da ikon, idan ta ce "shugaban ƙungiya", sai ka duba ko wata aya ta miƙa wa mataimaki dukkan ikon shugaba in ba ya nan. Na uku, da me ake auna rinjaye, da ƙuri'un da aka kaɗa ko da membobin da suka halarta? Zan dawo kan wannan, domin a nan ne ƙungiyoyi suka fi yin tuntuɓe.

Kwafe ayar kalma da kalma a bayan littafin rahoto, da lambarta, da fassararta ta Hausa a ƙasa idan da Faransanci aka rubuta ta. Ranar gardama ba ranar buɗe-buɗen takardu ba ce.

Ƙuri'a ɗaya mai nauyi, ko ƙuri'a ta biyu?

Mutane suna cewa "shugaba yana da ƙuri'a biyu", amma a mafi yawan tsarin mulkin da ake rubutawa a ƙasar nan bisa salon Faransanci ba haka abin yake ba. Shugaba yana ɗaga hannu sau ɗaya tare da kowa. Idan aka ƙidaya aka samu daidai wa daida, sai ɓangaren da hannunsa yake ya yi nasara. Ba a sake kaɗa komai, lissafi kuma ba ya canzawa: huɗu da huɗu ne, huɗu da huɗu za ka rubuta. Magatakardan da ya rubuta biyar da huɗu don ya nuna an yi rinjaye ya ƙirƙiro ƙuri'ar da babu ita, kuma duk wanda ya haɗa lissafin da takardar halarta zai ga an samu mutum ɗaya fiye da waɗanda suka zo.

Akwai wani salon da shugaba yake zama bai kaɗa ba sai an yi kunnen doki, sannan ya kaɗa tasa. A nan kam lissafi yana canzawa, ya tashi daga huɗu da huɗu ya koma biyar da huɗu, sai ka rubuta matakan biyu ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wanda yake ba shi ƙuri'a ta biyu a fili bayan ta farko. Kalmomin ayarku ne za su nuna maka wanne ne naku. Abin da ba ya yiwuwa shi ne shugaba ya gauraya su yadda ya ga dama, wato ya ƙi ɗaga hannu a zagayen farko alhali ayarsa ta salon farko ce, sai ya ga an yi canjaras ya ce to yanzu ga ɓangarensa. Wanda bai kaɗa ba, ba shi da ƙuri'ar da za ta yi nauyi.

Mu bi zama ɗaya daga farko

Mu ɗauki misalin wata ƙungiyar dukawa a Birni. Kwamitin zartarwarta mutum 11 ne. A asusu akwai jika 600, wato sefa 600,000. Wasu suna so a fitar da jika 450 a sayi keken ɗinkin fata da membobi za su riƙa amfani da shi bi da bi. Wasu suna cewa a bar kuɗin sai bayan layya, lokacin da fatu suke yawa, a saya da dama a kai wa majema. Tsarin mulkinsu, aya ta 17, ya ce kwamiti ba ya yanke shawara sai membobi 6 aƙalla sun halarta, ana yanke ta da rinjayen ƙuri'un da aka kaɗa, idan kuma suka rabu daidai, ƙuri'ar shugaban zama ce take rinjaye. Aya ta 16 ta yarda memba ya wakilta wani da takarda, amma mutum ɗaya ba ya riƙe wakilci fiye da ɗaya.

Matakin farko shi ne takardar halarta. Mutum 8 suka zo suka sa hannu, shugaba yana cikinsu. Wani memba yana Matamaye, ya aiko da takardar wakilci ya ba ma'aji. Biyu ba su zo ba kuma ba su aiko da komai ba. Ƙuri'un da suke cikin ɗaki ke nan 9. Rubuta wannan lambar a saman takardarka ka kewaye ta, domin duk lissafin da zai biyo baya dole ya dawo gare ta. Idan wani ya fita kafin ƙuri'a, ko ya shigo a makare, rubuta lokacin ka gyara lambar. Wanda ya tafi alwala aka kaɗa ba ya nan, ba ya cikin lissafi, kuma ba a tambayarsa ra'ayinsa bayan ya dawo a ƙara.

Mataki na biyu, a tsayar da tambayar. Muhawarar ta ɗauki lokaci ana keke ana fatu, amma kada a sa wa mutane zaɓi biyu a dunƙule. Magatakarda ya nemi izini ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in karanta abin da za a kaɗa a kansa, kowa ya ji." Sai ya karanta: a fitar da jika 450 daga asusun ƙungiya a sayi keken ɗinkin fata ɗaya. E ko a'a. Wannan jimlar ce za ta shiga rahoto ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya ba.

Mataki na uku, ƙidaya. A ce masu goyon baya su ɗaga hannu su bar shi a sama. Ka ƙidaya da babbar murya, wani memba ya ƙidaya tare da kai. Ma'aji yana da ƙuri'a biyu a hannunsa, tasa da ta wanda ya wakilta shi, don haka ka tambaye shi a fili, "Malam ma'aji, taka ce wannan, ko har da ta mutumin Matamaye?" Ba dole ba ne su tafi gefe ɗaya. A wannan zama ya ce shi bai yarda da keken ba, amma takardar wakilcin ta ce a kaɗa e. Sakamako: masu goyon baya 4, wato shugaba, membobi biyu da kuma wakilcin, masu adawa 4, mutum ɗaya ya ce shi ba ya kowane gefe. Haɗa su: 4 da 4 da 1, tara cif. Lissafi ya hau kan lambar da ka kewaye.

Kafin kowa ya buɗe baki, ka lura da gefen da hannun shugaba yake, ka rubuta. A kowace ƙuri'a ya kamata ka riƙa yin haka ko da ba ka zaci kunnen doki ba, domin bayan an sauke hannuwa sai ka ji ana musu a kan ko Alhaji ya ɗaga ko gyara hula yake yi.

Mataki na huɗu, a sake ƙidaya sau ɗaya don tabbatarwa. Ƙidaya ake maimaitawa, ba a buɗe sabuwar muhawara, ba a kuma matsa wa wanda ya tsaya tsakiya cewa shi ya raba. Yana da haƙƙin zama a inda ya zauna.

Mataki na biyar, magatakarda ya karanta aya ta 17 a gaban kowa, shugaba kuma ya furta da bakinsa cewa ƙuri'u sun rabu daidai, tasa tana gefen masu goyon baya, saboda haka bisa wannan aya an amince. Furucin nan yana da muhimmanci, don shi ne abin da za ka ce ya faru. Magatakarda ba ya yanke hukunci a madadin shugaba da alƙalami bayan an watse.

Abin da zai shiga rahoto

Ga yadda sakin layin zai kasance:

"Batu na 3: sayen keken ɗinkin fata. Shugaban zama ya gabatar da wannan shawara don kaɗa ƙuri'a: a fitar da sefa 450,000 daga asusun ƙungiya a sayi keken ɗinkin fata ɗaya. An kaɗa ta hanyar ɗaga hannu. Membobin da suke wurin lokacin ƙuri'a: 8. Wanda aka wakilta bisa aya ta 16 ta tsarin mulki: 1. Jimillar ƙuri'u: 9. Masu goyon baya: 4. Masu adawa: 4. Wanda bai ɗauki gefe ba: 1. An maimaita ƙidaya, sakamako bai canza ba. Da yake ƙuri'un da aka kaɗa sun rabu daidai, an karanta aya ta 17 ta tsarin mulkin ƙungiya, wadda ta ce idan ƙuri'u suka rabu daidai, ƙuri'ar shugaban zama ce take rinjaye. Shugaban zama, wanda shi ne shugaban ƙungiya, ya kaɗa tasa a gefen masu goyon baya. Saboda haka ya bayyana cewa an amince da shawarar."

Dubi abin da ba ya ciki. Babu dalilin da ya sa shugaba ya zaɓi keke, sai in shi ya nemi a rubuta. Babu "cikin hikimarsa" ko "bayan dogon nazari". Babu sunayen masu adawa, sai wanda ya ce a sa sunansa, ko kuma idan dokarku ta ce a riƙa kiran suna ɗaya ɗaya. Wanda ya nemi a rubuta adawarsa kuwa, a rubuta masa a jimla ɗaya ba tare da jayayya ba. Wannan haƙƙinsa ne, kuma yana ƙara wa rahoton ƙarfi domin yana nuna ba a toshe bakin kowa ba.

Wajen ambaton doka, ka ba da sunan takardar, da lambar aya, da sakin layi idan ayar doguwa ce, sannan ka kawo kalmominta. "Kamar yadda doka ta tanada" ba ambato ba ne, domin mai karatu zai tambaya wace doka. Idan an taɓa yi wa tsarin mulkin gyara, ƙara ranar babban taron da ya amince da kwafin da ka yi amfani da shi. Idan rahoton da Faransanci za a rubuta shi don banki ko hukuma, to a kwafo ayar da kalmominta na asali, kada ka sake fassara fassararka. Amma sakin layin nan dai a karanta wa mutane shi da Hausa kafin a tashi, tun lambobin suna sabo a kan kowa.

Da a ce hannun shugaba yana gefen masu adawa, komai na sakin layin yana nan yadda yake sai jimloli biyun ƙarshe: ya kaɗa a gefen masu adawa, saboda haka ba a amince da shawarar ba. Kuma a kula, faɗuwar shawarar keke ba ta nufin an amince da sayen fatu. Wannan wata shawara ce daban da sai an gabatar da ita an kaɗa mata tata ƙuri'ar.

Inda raba gardama ba ta aiki

Yanzu mu koma kan mutumin da ya tsaya tsakiya. A misalinmu ayar ta ce rinjayen ƙuri'un da aka kaɗa, don haka an cire shi daga lissafin rinjaye, saura 8, suka rabu gida biyu daidai. Amma a ce ayar cewa ta yi rinjayen membobin da suka halarta ko aka wakilta, kamar yadda aya ta 454 ta OHADA ta faɗa. A nan ma'aunin 9 ne, rinjaye kuma 5. Masu goyon baya 4 ne, waɗanda ba su goyi baya ba 5. Fahimtar da ta fi tsare ƙungiya ita ce shawarar ba ta kai ba, kuma babu rabuwa daidai da shugaba zai raba. Hannuwa iri ɗaya, ɗaki ɗaya, amma ƴan kalmomi a cikin aya sun juya sakamakon. Idan ayarku irin wannan ce aka kuma samu mai tsayawa tsakiya, shawarata ita ce a rubuta lambobin yadda suke, a ce shawarar ba ta samu rinjayen da aya ta buƙata ba, a dawo da ita zama na gaba. Jinkirin sati biyu ya fi a fitar da jika 450 a kan hukuncin da rabin kwamiti zai iya ƙalubalanta.

Haka nan duk shawarar da doka ta ce sai da kashi biyu cikin uku, irin gyaran tsarin mulki ko rushe ƙungiya. Huɗu cikin takwas rabi ne, nauyin ƙuri'ar shugaba ba ya mai da rabi ya zama kashi biyu cikin uku.

Sai ƙuri'ar asiri. Idan takardu aka jefa a ƙwarya, babu wanda ya san gefen da shugaba ya jefa tasa, kuma in ya tashi bayan ƙidaya ya ce ga inda ya jefa, babu hanyar tabbatarwa, ga shi kuma ya fasa asirin. Sai dai idan ayarku ta faɗi abin da za a yi a irin wannan hali, mafita ita ce a sake zagaye. Zaɓen shugabanni ma yawanci yana da tasa ayar, wani tsarin mulki ya ce a je zagaye na biyu, wani ya ce wanda ya fi shekaru ya ɗauka. A nemi wannan ayar, kada a jawo ta shawarwarin yau da kullum, balle a ce shugaba yana cikin ƴan takara.

Akwai kuma abin da ko doka ba ta hana ba, mutunci ya hana. Idan keken nan a shagon ƙanen shugaba za a saye shi, ya kamata ya faɗa tun kafin muhawara, ya sauka daga kujera a kan wannan batu ya bar wa mataimaki, magatakarda kuma ya rubuta lokacin da ya sauka da lokacin da ya dawo. Ba na ganin akwai rahoton da zai wanke shugaban da ya raba gardama zuwa aljihun gidansu, kome kyan rubutunsa.

Idan ka bincika tsarin mulki da dokar cikin gida ba ka samu ayar ba sam, to ka faɗa wa shugaba cikin ladabi, a gaban kowa: "Ranka ya daɗe, na duba, dokarmu ba ta ba kujera wannan ikon ba." Magana ce mai nauyi ga yaro ya faɗa wa dattijo, shi ya sa ya fi kyau ka sanar da shi a keɓe tun kafin ranar da za a buƙace ta. A rahoto sai ka rubuta lambobin, ka ce shawarar ba ta samu rinjaye ba, ba a amince da ita ba. Idan ƙungiya tana son shugabanta ya riƙa raba gardama, sai a kai batun babban taro a ƙara ayar ta hanyar da tsarin mulki ya shimfiɗa don gyara, kuma za ta fara aiki ne daga lokacin, ba za ta koma baya ta ceto ƙuri'ar da ta riga ta faɗi ba.

Bayan an tashi

Rubuta rahoton a tsabtace a ranar ko washegari. Liƙa masa takardar halarta da takardar wakilcin mutumin Matamaye, domin ƙuri'arsa ce ɗaya daga cikin huɗun, kuma idan takardar ta ɓata lissafin ya koma uku da huɗu a idon mai bincike. Ajiye ƴar takardar da ka yi ƙidaya a kanta har sai zama na gaba ya amince da rahoton. Shugaban zama da magatakarda su sa hannu, tare da duk wanda dokarku ta ƙara. Ma'aji kada ya fitar da kuɗi sai ya ga rahoton da sa hannun a kansa, idan kuma banki ya nemi shaida, a ba shi kwafin wannan batu kaɗai da lambobinsa da ayarsa cikakku.

A zama na gaba, idan wani ya ce an yi kuskure a rubutu, kada a kankare kada a yage shafi. A rubuta gyaran a sabon rahoto, a ambaci ranar tsohon zama da lambar batun. Wanda kuma ya canza ra'ayi a kan keken, hanyarsa ita ce ya nemi a sa batun a ajandar wani zama a sake kaɗawa, lambobin ranar farko su zauna yadda aka ƙidaya su.